Kafanchan: Yadda lamba ɗaya a takardar wata ke ɓoye yaran da ba su kammala rigakafi ba

A watan Yulin 2023 hukumomin lafiya na Jihar Kaduna suka tabbatar da ɓullar cutar mashaƙo a Kafanchan, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jema'a, inda ta fi kama ƙananan yara. Mashaƙo na cikin cututtuka biyar da allurar Penta ke karewa, tare da tarin shiƙa da ciwon hanta. Tun 2012 aka shigar da allurar cikin rigakafin yau da kullum a Najeriya, ana yi wa jariri ita sau uku: a mako na 6, da na 10, da na 14 bayan haihuwa.

Duk lokacin da irin wannan cuta ta ɓulla, tambayar farko da masu bincike ke yi ita ce yara nawa ne a mazaɓar suka kammala allura ta uku. Amsar tana zuwa ne daga na'ura, na'urar kuma ta samo ta daga wata takarda da ma'aikaciyar lafiya ta cike da biro a ƙarshen wata, sau da yawa bayan ta wuni tana awon masu juna biyu. Idan biron ya zame, amsar da za a bai wa kwamishina a Kaduna da minista a Abuja ta zame ke nan.

Najeriya ta taɓa ganin girman wannan giɓi. Binciken gida-gida na 2016 zuwa 2017 ya nuna cewa kashi 33 cikin 100 na yaran ƙasar ne kawai suka samu Penta ta uku, alhali alƙaluman da cibiyoyin lafiya ke turowa sun zarce haka nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa Hukumar Bunƙasa Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta kafa cibiyar gaggawa ta daidaita rigakafi a 2017. Dalilan giɓin suna da yawa, amma akwai kaso guda da ake iya tarewa da araha, wato kuskuren da ke shiga tun a teburin rubutu. A kan wannan kaso ne jami'in lafiya na ƙaramar hukuma zai iya rubuta wa shugabanninsa shawara mai shafi biyu, wadda ba ta buƙatar sabuwar kwangila.

Tafiyar lamba daga ƙauye zuwa Abuja

Ranar rigakafi, uwa za ta miƙa katin ɗanta. Ma'aikaciya za ta rubuta ranar allurar a katin, ta sake rubutawa a rajistar rigakafi inda sunan yaron yake, sannan ta ja sanda ɗaya a takardar ƙirge ta ranar. A ƙarshen wata sai a tara sandunan, a kwafe jimlarsu a fom ɗin taƙaita bayanan wata. Mai kula da cibiyar zai sa hannu, a kai fom ɗin sakatariyar ƙaramar hukuma, inda jami'in sa ido da tantance bayanai zai shigar da shi manhajar DHIS2. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke jagorantar haɓaka wannan manhaja, kuma ita ce rumbun bayanan lafiya na ƙasa a Najeriya. Da zarar lambar ta shiga, ana iya ganinta a Kaduna da Abuja a lokaci guda.

Hannu huɗu ke nan aƙalla lamba ke bi, kuma a kowane hannu ana kwafe ta ne da ido. Abin lura shi ne, kowane mataki yana rage abin da za a iya bincikawa. A rajista akwai suna da ranar haihuwa da unguwa. A takardar ƙirge sanduna ne kawai. A fom ɗin wata lamba ce tilo. Wanda ke zaune a ofis a Abuja yana iya zargin lamba, amma ba shi da littafin da zai buɗe ya tabbatar. Ma'aikaciyar da ke Godogodo ko Jagindi ko Gidan Waya tana da littafin a gabanta. Abin da ba ta da shi shi ne wata alama da za ta ce mata ta dakata ta duba.

Misali: 38 da ta zama 83

A ƙaddara wata cibiyar lafiya a matakin farko a ɗaya daga cikin mazaɓun kudancin Kaduna, wadda aka ƙiyasta mata jarirai 50 a kowane wata. A wani wata, rajistarta ta nuna yara 46 sun karɓi Penta ta farko, 41 ta biyu, 38 ta uku. Wajen kwafewa a fom sai aka juya lambar ƙarshe, 38 ta zama 83. Babu wanda ya yi niyyar ƙarya. Ido ne ya gaji.

Ga abin da wannan juyin ke haifarwa. Idan aka auna 38 da jarirai 50, cibiyar ta kai kashi 76 cikin 100. Idan aka auna 83, ta kai kashi 166, wato ta yi wa yaran da babu su allura. Sai kuma ma'aunin da masu rigakafi suka fi kula da shi, wato yawan yaran da suka fara amma ba su kammala ba. Ana cire ta uku daga ta farko, a raba da ta farko. Da lambar gaskiya, 46 a cire 38 saura 8, wanda ya haura kashi 17 cikin 100. A ƙa'idar aikin rigakafi, duk inda wannan ma'auni ya wuce kashi 10, alama ce ta cewa a fita neman yara gida-gida. Da lambar kuskure kuwa, lissafin zai faɗa ƙasa da sifili, kuma cibiyar da ya kamata a tura wa taimako za ta hau sahun waɗanda ake yabawa.

Mai karatu zai iya cewa ai kuskure mai girma haka ba zai wuce idon jami'in ƙaramar hukuma ba. Yakan wuce, saboda tarawa tana ɓoye shi. A ce jimlar Penta ta uku a dukkan cibiyoyin ƙaramar hukumar a watan ta kai 1,200. Ƙarin 45 da juyin ya kawo bai kai kashi 4 cikin 100 na jimlar ba. A matakin jiha mai ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, ya ɓace ɗungurungum. Lambar jiha za ta yi kyau, mazaɓar kuma tana da yaran da suka tsaya a allura ɗaya ko biyu.

Abin da shawarar ta ƙunsa

Shawarar da jami'in zai ɗora a teburin shugaban sashen lafiya ba ta wuce bincike huɗu ba, kuma ukun farko da biro ake yin su kafin fom ya bar cibiya.

Na farko shi ne daidaita rajista da takardar ƙirge kafin a tashi daga aiki. A ƙarshen kowane zaman rigakafi, mutum ɗaya zai ƙirga layukan rajista masu ɗauke da kwanan watan ranar, wani ya ƙirga sanduna. Idan sun zo daidai, a rubuta jimlar a ƙasan shafi, su biyun su sa hannu. Idan sun saɓa, a nemo dalili nan take, tun ma'aikaciya tana tuna matar da ta zo ba kati ko yaron da aka yi wa allura a wajen fita ƙauye. Bambancin yara biyu a rana ɗaya ana gano shi cikin mintuna. Bambancin yara goma sha biyar a ƙarshen wata sai dai a yi masa zato.

Na biyu shi ne jerin abubuwan da ba za su taɓa yiwuwa ba. Kwalbar Penta da aka saba rabawa tana ɗauke da allurar yara goma. Saboda haka jimlar allurai uku a wata ba za ta wuce kwalaben da aka buɗe sau goma ba, in an haɗa da ragowar kwalbar da aka buɗe a ƙarshen watan jiya, tunda ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a ci gaba da amfani da irin wannan kwalba har kwana 28 idan an kiyaye sanyinta da tsaftarta. A cibiyar misalin, littafin kaya ya nuna an buɗe kwalabe 13, babu ragowa, wato allurai 130. Lambobin gaskiya, 46 da 41 da 38, sun tashi 125, biyar sun tafi a asara, kuma wannan abin karɓa ne. Lambobin fom kuwa sun tashi 170. Allurai 40 sun fito daga kwalaben da babu su. Duk wanda ya yi wannan lissafi na minti ɗaya ya kama kuskuren.

Irin wannan ƙa'ida tana da 'yan'uwa a sauran sassan fom. Waɗanda gwaji ya nuna suna da zazzaɓin cizon sauro ba za su fi waɗanda aka gwada yawa ba. Maza da mata idan aka haɗa dole su tashi jimlar da aka rubuta. Ranar allura ba za ta riga ranar haihuwa ba. Shawarar ta nemi a buga waɗannan a kati ɗaya, a manna shi a cikin murfin rajista.

Na uku shi ne iyakar sama da ta ƙasa ga kowace cibiya. Mai kula da cibiya zai rubuta lambobin watanni shida da suka wuce a gefen fom. A misalin nan, Penta ta uku ta kasance 35, 40, 36, 39, 37, 41, matsakaicinsu 38. Sai a ce duk lambar da ta faɗi ƙasa da 30 ko ta haura 50, a koma rajista a sake ƙirgawa. Akwai kuma wata dabara da akawu suka daɗe da sani: idan bambancin da ke tsakanin lambobi biyu yana rabuwa da tara ba saura, a fara zargin an juya lamba. Tsakanin 83 da 38 akwai 45, wato tara sau biyar.

Na huɗu yana hannun jami'in da ke shigar da bayanai. DHIS2 tana da wurin da ake rubuta ƙa'idojin tantancewa, kowace da ɓangaren hagu da na dama da alamar kwatanci a tsakaninsu, kuma ana iya sa wa kowane gurbi iyakar sama da ta ƙasa. Ƙa'idar kwalabe, a taƙaice, haka take:

```
Penta1 + Penta2 + Penta3 <= (kwalabe * 10) + ragowa
```

Ƙirƙirar sabuwar ƙa'ida a rumbun ƙasa aikin masu kula da manhajar ne, ba na ƙaramar hukuma ba. Abin da ke hannun jami'in shi ne ya gudanar da tantancewar da ke akwai kafin ya rufe kowane fom, kuma idan ta nuna saɓani, ya kira cibiyar a waya ranar, kada ya gyara lambar da kansa bisa hasashe. A nan ne kuma ake raba sifili da gurbin da aka bari fayau. Sifili na nufin an yi aiki ba a samu kowa ba. Gurbi fayau na nufin ba a kawo rahoto ba. Shawarar ta nemi kada a karɓi fom mai gurbi fayau sai an rubuta dalili a gefensa.

Hani daban, gargaɗi daban

Wurin da irin wannan shawara ta fi samun tangarɗa shi ne inda aka mayar da gargaɗi ya zama hani. Mutane da yawa suna ɗauka cewa Penta ta uku ba za ta taɓa fin ta farko yawa ba. A jimlar shekara, a yanki mai faɗi, haka ake sa rai. A wata ɗaya, a cibiya ɗaya, tana iya finta ba tare da kuskure ba, domin yaran da ke karɓar ta uku a watan Mayu sun karɓi ta farko ne tun Maris, wataƙila ma a wani gari.

Kafanchan ta fi yawancin garuruwa fuskantar haka. Tun zamanin da ta zama mahaɗar layin dogo take tara mutane, kuma har yau iyalai daga Kagoro da Zonkwa da Kwoi suna shigowa kasuwa da asibiti. Uwa tana iya fara rigakafi a ƙauyen iyayenta inda ta je wankan jego, ta kammala a gidan mijinta. Lokacin haƙar citta yana motsa ma'aikatan gona, makiyaya suna tafiya da yanayi, rikice-rikicen da yankin ya sha fama da su kuma sun sha raba iyalai da gidajensu na makonni ko watanni. Cibiyar da ta karɓi irin waɗannan baƙi za ta ga lambobinta sun yi tsalle, kuma tsallen gaskiya ne. Ruwa ba ya tsami banza, amma ba kullum ne biro ke tsamar da shi ba.

Saboda haka shawarar ta raba ƙa'idojin gida biyu. Abin da ba zai yiwu ba, kamar allurar da ta fi kwalabe yawa, yana hana fom wucewa sai an gyara. Abin da ba a saba gani ba, kamar ta uku ta fi ta farko ko lamba ta ƙetare iyaka, yana neman a sake ƙirgawa ne kawai, a rubuta bayani na layi ɗaya, a bar lambar yadda take idan rajista ta tabbatar da ita. Idan aka hana gaskiyar da ba a saba gani ba shiga, ma'aikata za su koyi rage lamba ko ƙara ta don fom ya wuce lafiya, kuma a lokacin an koya musu ƙarya da sunan inganci.

Abin da binciken ba zai kama ba

Jami'in da ya san aikinsa zai faɗa wa shugabanni iyakar shawararsa tun a shafin farko. Waɗannan bincike suna kama zamewar hannu. Ba sa kama wanda ya zauna ya tsara lambobi masu jituwa da juna. Alamar irin wannan ta daban ce: lamba guda tana maimaituwa wata bayan wata, ko duk lambobi suna ƙarewa da sifili ko biyar, ko asarar allura ba ta taɓa wuce sifili ba tsawon shekara. Maganinsa shi ne ziyarar ba-zata, a ɗauki sunaye goma daga rajista, a je gidajen a duba katunan yaran.

Ba sa kuma gyara ƙiyasin yawan jarirai. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ta 2006 ce, kuma daga gare ta ake hasashen yawan jama'a, a ware kashi 4 cikin 100 a matsayin 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Cibiya tana iya ƙirga yaranta daidai, amma kasonta ya fito sama da ɗari ko ƙasa da rabi saboda ma'aunin da aka raba da shi ya tsufa. Haka nan babu katin da aka manna a murfi da zai yi amfani a cibiyar da rajistarta ta ƙare, ake rubutu a littafin 'yan makaranta.

Abin da ake nema daga shugabanni

Buƙatun da ke ƙarshen takardar guda huɗu ne, kuma kowace tana buƙatar sa hannu. A ware minti goma sha biyar na ƙarshen zaman rigakafi a matsayin lokacin aiki, ba alfarma ba. A buga katin ƙa'idoji, a tabbatar da rajista da takardun ƙirge ba sa yankewa. A ba jami'in ƙaramar hukuma kuɗin kiran waya da ikon mayar da fom. Ta huɗu ita ce mafi wuya: a rubuta a fili cewa ba za a tuhumi cibiyar da lambarta ta sauka bayan gyara ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma ma'aikaciyar da ta ga an yi wa maƙwabciyarta takardar tuhuma saboda kashi 76 ba za ta yi marmarin gyara 166 ba.

Shawarar ta kuma kawo yadda za a gane ko ta yi aiki. A zaɓi cibiyoyi goma, a gwada na wata uku. Kafin a fara da kuma bayan an gama, a sake ƙirga Penta ta uku daga rajista, a raba da lambar da ke cikin DHIS2. Wannan shi ne ma'aunin tabbatarwa da ke cikin tsarin bitar ingancin bayanai na Hukumar Lafiya ta Duniya. Idan ya fito 1, rajista da na'ura sun yi daidai, kuma an saba karɓar abin da ke tsakanin 0.9 da 1.1. A cibiyar misalin, 38 a raba da 83 ya ba da 0.46, wato fiye da rabin abin da aka ruwaito babu shi a littafi. Idan bayan wata uku yawan cibiyoyin da ke cikin iyakar bai ƙaru ba, shugabanni suna da hujjar ajiye shawarar.

Inda abin ya shafi Abuja

Ma'aikacin tarayya da ke haɗa wa maigidansa taƙaitaccen bayani kafin zaman kwamiti yana aiki ne da ƙarshen wannan igiya. Da irin waɗannan lambobi ake lissafin kwalaben da za a tura jiha, da su ake zaɓar ƙananan hukumomin da za a kai wa ɗauki, da su kuma ake auna cibiyoyin da ke karɓar kuɗi daga Asusun Samar da Lafiya a Matakin Farko wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa. Kafanchan kanta ta ƙara matsowa kusa da Abuja tun da gwamnatin tarayya ta amince a 2025 da kafa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a garin, a asibitin tunawa da Sir Patrick Ibrahim Yakowa, kuma tsara aikin babban asibiti yana dogara da abin da ƙananan cibiyoyin kewaye ke ruwaitowa.

Akwai tambayoyi uku da mai taimaka wa shugaba zai iya yi kafin ya saka kaso a jawabi. Shin an duba lambar a matakin cibiya, ko jimlar ƙaramar hukuma kawai aka kalla? Cibiyoyi nawa ne Penta ta ukunsu ta fi ta farko a jimlar shekara? Yaushe aka yi ƙirgen tabbatarwa na ƙarshe, kuma nawa ya bayar?

A cibiyar misalin, da an yi lissafin kwalabe kafin sa hannu, da 83 ta koma 38 tun fom bai hau babur ba. Daga nan sai ma'aikaciya ta buɗe rajista, ta fitar da sunayen yaran da ranar allurarsu ta uku ta wuce, ta miƙa wa mai unguwa da masu wayar da kan jama'a, domin a kawo su zaman mako mai zuwa.